Tukunya Ɗaya, Iyaye Daban: Yadda Muka Haɗa Yara Biyar a Gidanmu

Ni haifaffiyar Maradi ce, a unguwar Bagalam na tashi, yanzu kuma ina aure a unguwar Zariya, nan cikin Maradi. Mijina na farko Allah ya yi masa rasuwa a 2013, ya bar ni da yara biyu, mace da namiji. Na yi takabata wata huɗu da kwana goma, na koma gidanmu ina soya awara ina sayarwa a ƙofar gida. A 2015 na sake aure. Wanda na aura tela ne, kuma shi ma yana da nasa uku: babba namiji mai shekara goma sha uku, mace mai shekara goma, sa'ar ɗiyata, sai ƙaraminsu mai shekara huɗu. Uwarsu tana raye, rabuwa suka yi, ta yi aure a Tasawa. Ɗana kuma a lokacin shekararsa shida.

Da maganar auren ta taso, dangin marigayi da ke wajen Madarunfa sun so su ɗauki yaran, kamar yadda aka saba. Malamin unguwarmu ya yi mana bayani cewa a mazhabar Malikiyya uwa ita ce gaba da kowa wajen renon yaro, amma in ta yi wani aure haƙƙin yakan koma hannun mahaifiyarta, wato kakar yaran ta wajen uwa. Innata kuwa ta tsufa, ido ya yi rauni. Ita ta ce wa baffan yaran ta yarda su zauna wurina muddin sabon mijin ya karɓe su da bakinsa a gaban shaidu. Ya karɓa. Baffan ya kafa sharaɗi ɗaya, cewa duk babban hutun lakwal yara za su je ƙauye su ga danginsu. Da haka na tare da agololi biyu, na tarar da 'ya'yan miji uku.

Abin da nake so in ba da labarinsa shi ne abin da ya riƙe gidan nan. Mutane sukan ce mini, ai ki ɗauke su duk kamar ke kika haife su, shi ke nan. Magana ce mai daɗin ji, amma yaro mai shekara goma ya san uwarsa, ya san ubansa, ba za ki ruɗe shi ba. Mu abin da muka tsaya a kai kashi biyu ne. Duk abin da ya fito daga hannun gidan, daga tuwo har takalmi, ɗaya ne ga kowa. Abin da yaro ya samu ta wajen nasa uban ko tasa uwar kuma nasa ne, ba a ƙwacewa, ba a ɓoyewa, kowa ya san da shi. Ƙiyayyar da na gani a gidajen da na sani, mafi yawanta daga ɓoye-ɓoye take farawa: naman da aka tura ƙarƙashin tuwo, dala ashirin da aka danƙa a bayan ƙofa aka ce kada ka faɗa.

Na fara da hatsi, domin shi ne ya fara tayar da magana.

Marigayi ya bar gona a ƙauyensu. Da aka raba gado aka fitar mini da tumunina, aka ba mahaifiyarsa sudusi, saura ya zama na yaran, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Baffansu ke noma gonar, yana cire wahalarsa, in damina ta yi kyau yakan aiko da buhu biyar na gero. Shekarar farko da buhunan suka iso, Malam, haka nake kiran maigidana, ya ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga tukunyarsa ba. Yana tsoron ayar nan ta Suratun Nisa'i da ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu. Ya ce shi zai ciyar da su don Allah, a ajiye musu nasu.

Niyya ce mai kyau, amma ba a yi wata uku ba sai babban yaronsa ya yi faɗa da ɗana a kan ƙanzon tuwo, ya ce masa: "Kai da kake cin gumin ubanmu har kana da bakin magana?" Ɗana bai yi kuka ba. Ya tsame hannunsa daga kwano, ya je ya wanke, kuma daga ranar sai an kira shi sau biyu kafin ya zo cin abinci. Wannan ya fi kuka tayar mini da hankali.

Muka koma wurin malamin. Ya ce wa maigida, tsoronka Sahabbai sun riga ka jin sa. Har ware wa marayu tukunya suka yi, abincin ya riƙa lalacewa, sai aka saukar da aya ta 220 a Suratul Baƙara, cewa in kun cuɗanya da su to 'yan'uwanku ne, kuma Allah ya san mai ɓarna daga mai gyara. Ya ƙara da cewa maraya in yana da dukiya, daga cikinta ake ciyar da shi, mijin uwa ba a ɗora masa wannan ba, in ya yi alheri ne. Ya ce mu auna abin da yaran nan biyu ke ci, mu zuba shi cikin na gida, saura a adana musu.

Haka muka yi lissafi. Gidanmu na mutum bakwai yana cin kamar tiya ɗaya da rabi a yini, tuwo da fura. Rabon yara biyu a ciki, tunda ba su kai manya ci ba, bai wuce tiya goma a wata ba. A shekara tiya 120 ke nan, buhu uku, tunda buhu tiya arba'in ne. Don haka buhu uku ke shiga ɗakin ajiya tare da na maigida, buhu biyu kuma a jingine su gefe da alama a jiki. Ba mu sayar da su da kaka lokacin da hatsi ke arha. Sai damina ta faɗi, rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya hau, sannan Malam ya kai su kasuwa. Kuɗin mukan sayi awaki da su, a kai wa ƙanwar marigayi kiwo a ƙauye. Na sayi kaye guda, ɗiyata da hannunta take rubutawa: buhu nawa ya zo, nawa aka ci, nawa aka sayar, akuya nawa ta haihu, wace ta mutu. Duk shekara baffansu yana dubawa.

Ranar da aka fara zuba hatsin, Malam ya tara yaran duka a tsakar gida, ya sa babban yaron ya riƙe tiya ya yi awon da kansa. Bai yi masa faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Wannan geron na uban ƙannenka ne, Allah ya jiƙansa. Daga yau tuwon da kake ci akwai guminsa a ciki, kamar yadda akwai nawa a cikin nasu." Maganar gumin uba ba ta sake fitowa daga bakin kowa ba, kuma ɗana ya koma zuwa kwano ba sai an kira shi ba.

Cin abincin kansa ma mun tsara shi. Maza uku kwano ɗaya, 'yan mata biyu kwano ɗaya, ba a raba kwano bisa ga wanda ya haifi wa. In akwai nama, a kan faifai nake yanka shi a gaban idonsu, sannan wanda ya fi ƙanƙanta ya fara ɗauka. Malam yakan tuna musu cewa hadisin da suke haddacewa a makarantar allo, na ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga agolansa ya faɗe shi, Umar ɗan Ummu Salama, suna ci a akushi ɗaya. Ɗana yana son jin wannan labarin ƙwarai.

Kayan Sallah su ne jarabawa ta biyu, kuma sun fi ta hatsi ciwo, don a nan ɗiyata ce aka bari a baya.

A ƙaramar Sallar farko Malam ya ware jikka hamsin don yara biyar. Ba mu ce kowa jikka goma cif ba, domin mai shekara goma sha uku yana cin yadi huɗu, mai shekara huɗu kuwa yadi biyu ya ishe shi. Abin da muka daidaita shi ne irin kayan. Mazan uku daga bandir ɗaya aka yanko musu. 'Yan matan turmin atamfa ɗaya aka saya, yadi shida, aka raba uku-uku, ɗinki iri ɗaya, kuma tunda shi ne telan, ya gama su rana ɗaya ya kawo su cikin leda ɗaya. Takalma ma a rumfa ɗaya aka saya a babbar kasuwa, kowa ya je ya gwada da ƙafarsa.

Saura kwana biyu Sallah sai ga saƙo daga Tasawa. Uwar yaran ta aiko wa ɗiyarta leshi ɗinkakke da ɗan kunne da jaka, mazan kuma huluna da agogo, da gwangwanin alewa. Wata maƙwabciyata ta ce in saka kayan a ƙasan akwati in ce ba su zo ba, wai don kada ɗiyata ta ji haushi. Wata kuma ta ce in ci bashi in yi wa tawa irinsa, kada a raina mu. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Kayan uwa ce ta aiko wa 'ya'yanta, wataƙila wata uku ta yi tana tara kuɗin, kuma ranar da yarinyar za ta gane na ɓoye, na gama zama mutumiyar kirki a idonta har abada. Bashi kuma in na fara shi, kowace Sallah sai na yi tsere da matar da ba na gani.

Na jira Malam ya dawo, aka buɗe ƙullin a gaban kowa, aka miƙa wa kowane yaro nasa. Muka yanke cewa ranar idi kowa zai saka na gida, iri ɗaya, a je gaisuwar dangi a haka. Kashegari mai leshi ta saka leshinta. Alewa kuwa, abin ci ne, masu ita su raba da hannunsu. Yarinyar ta ƙirga ta ba kowa daidai, ba wanda ya tilasta mata adadi.

Da dare ɗiyata ta shigo ɗaki ta kwanta a jikina tana kuka ƙasa-ƙasa. Ta ce: "Inna, ni wa zai aiko mini?" Wallahi maganar ta soke ni. Ban ce mata leshin ba kyau ba, don yana da kyau. Na ce mata, 'yar'uwarki tana da uwa a nesa da take aiko mata kaya, amma tana kwana ba ta gan ta ba. Ke kina da uwa a kusa, kuma ubanki ya bar miki abin da ita ba ta da shi. Na ɗauko kayen na nuna mata awakinta. Na ce in kina son leshi, sai mu nemi izinin baffanki a sayar da ɗan akuya a yi miki, halalinki ne. Ta yi shiru, can ta ce a bar mata akuyarta. Kashegari ita ta ɗaura wa 'yar'uwarta ɗankwalin leshin. Ban ce zuciyarta ta wanke tas a ranar ba, na ga yadda take kallon kayan. Amma ta san ba a zalunce ta ba, ta kuma san daga inda bambancin ya fito, ba daga hannun Malam ba ne.

Bayan Sallah na kira uwar yaran a waya na yi mata godiya. Ta yi mamaki. Daga shekara ta biyu, in ta aiko da saƙo sai ta saka ɗan abu na 'ya'yana, ko da sabulu ne ko ɗan kunnen roba. Ban roƙe ta ba. Kuma ban taɓa bari a zage ta a gidan nan ba, ko daga bakin dangin Malam, domin yaron da aka zagi uwarsa a gabansa ba ya mantawa da wanda ya yi dariya.

Sai maganar horo. A shekarar farko mun yi yarjejeniya, kowa shi ke hukunta wanda ya haifa. Ni ina iya hana 'ya'yan Malam abu, in tsawata, in raba faɗa, amma hukunci mai nauyi nasa ne, shi ma haka da nawa. Dalili shi ne, marin uwa yaro yakan manta kafin magariba, na matar uba kuwa yana iya kai shi har Tasawa, ya dawo ya zama babbar magana. Kuma ba na tarbar Malam da ƙara a bakin ƙofa. Sai ya ci abinci ya huta, a kira yaran da abin ya shafa su biyun, kowa ya faɗi nasa, ni ina zaune. Laifi iri ɗaya, hukunci iri ɗaya. Wanda ya ƙi zuwa makarantar allo da yamma, ko ɗan wane ne, gobe ba shi da kuɗin kashewa a lakwal.

Akwai wani tarko da innata ta ja mini kunne a kai tun kafin in tare. Ta ce: "'Yar nan, kada tsoron bakin mutane ya sa ki mai da naki bayi." Na ga gaskiyarta a gidan wata da na sani. Don kada a ce tana nuna bambanci, ɗiyarta ce ke wanke-wanke da shara da talla, 'ya'yan miji suna zaune. Mutane suna yabonta, ɗiyar kuwa ta tashi tana jin uwarta ta sayar da ita don ta zauna gidan miji. Wannan ma zalunci ne, kuma ya fi wuyar ganewa don yana kama da kirki. Shi ya sa aikin gidanmu da kwana yake tafiya. Yau wannan ke wanke-wanke waccan na shara, gobe su sauya. Mazan kuma ɗibar ruwa a famfo da kai niƙa. Aike shi ne inda son kai ke ɓuya, domin baki yakan saba da kiran suna ɗaya. Nakan lura da kaina, in na aiki yaro da safe, da rana wani zan kira.

Yadda nake gane akwai abin da ke cin yaro, ba daga faɗa ba ne. Yaran da ke faɗa suna shiryawa lafiyarsu ƙalau. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya daina roƙo. Takalminsa ya tsinke ya ɗaure da waya bai faɗa ba, bik ɗinsa ya ƙare ya ari na wani, ko ya fara cewa "gidanku" maimakon "gidanmu". Ƙaramin Malam da na tarar, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, kusan duk lokacin da ya dawo daga wurin uwarsa. Ban bari a yi masa waƙar tsiya ba. Nakan tashe shi cikin dare, in shanya tabarmar a bayan ɗaki inda ba mai gani, kuma bayan ɗan lokaci abin ya wuce. Shi ne yau ya fi kowa manne mini.

Suna kuma ban tilasta wa kowa ba. Ƙaramin da kansa ya fara ce mini Inna. Macen ta bi bayansa. Babban har gobe Tanti yake ce mini, ga shi da gemu, kuma ban ga raini a ciki ba. Nawa suna ce wa Malam Baba, amma a takardar haihuwarsu da rajistar lakwal sunan mahaifinsu ne. Wani ya ba Malam shawara ya sa musu sunansa don su ji sun zama 'yan gida, ya ce Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya ce a kira su da sunan ubanninsu, ba zai raba maraya da sunan ubansa ba.

Akwai gaskiya biyu da iyaye da yawa ke jin nauyin faɗa, mu kuwa mun faɗe su da wuri. Ta farko, ɗiyata da babban yaron Malam ba muharraman juna ba ne. Ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya, ba su sha nono ɗaya ba, a shari'a aure ma yana halatta tsakaninsu. Malam muharraminta ne saboda aurena da shi, ni ma muharramar 'ya'yansa maza ce, amma tsakanin yaran babu wannan. Haka ɗana da ɗiyar Malam. Don haka tun shekarar farko aka gyara ɗakin zaure, babban ya koma can, daga baya ɗana ya bi shi. 'Yan matan da suka fara girma suka riƙa saka hijabi a tsakar gida, su biyun, don kada ya zama ɗaya ce aka ware. Na zaunar da su na yi musu bayani a fili, ban bar shi ya zama abin raɗa ba.

Ta biyu ita ce gado. Agola ba ya gadon mijin uwarsa, ɗan miji ba ya gadon matar ubansa. Gidan da muke ciki na Malam ne, ranar da ta Allah ta kasance 'ya'yansa ne za su gada, har da ƙaramar da muka haifa tare a 2017, ni kuma tumuni. Nawa biyu ba su da komai a ciki, kuma sun sani, kamar yadda nasa suka san ba su da komai a gonar Madarunfa. Malamin ya ce mana in mutum yana son ya yi wa agola alheri, hanya biyu ce: wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, ko kyauta tun yana da rai, wadda aka miƙa aka karɓa. Malam ya zaɓi ta biyu. Da 'yan matan suka iya ɗinki, ya sayi keke biyu iri ɗaya, ya kira maƙwabta biyu, ya ce su shaida wannan na wance ne, wannan na wance, ba aro ba ne. Ya yi haka ne don kada wata rana a ƙirga keken ɗiyata cikin kayan gado.

Ba komai ne ya daidaita ba. Wata gwaggon yaran Malam har yau in ta zo da tsaraba 'ya'yan ɗan'uwanta kawai take kira, ta wuce nawa kamar ba ta gan su ba. Ba ni da iko da hannunta. Abin da ya sauya shi ne, yaran da kansu suke kawo tsarabar tsakar gida su zube a kan tabarma bayan ta tafi.

Bara aka yi wa ɗiyata aure. Baffanta ne waliyyi, shi ya zo daga ƙauye ya ba da ita, Malam kuma ya tsaya a matsayin uban biki, babban yaronsa shi ya yi ta zirga-zirgar kujeru da rumfa. Kafin ta tare muka zauna da baffan da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a kafa shaidu in za a miƙa wa maraya dukiyarsa. Aka buɗe kayen tun daga shafin farko, aka fitar da kasonta na awaki da kuɗin da ke ajiye, kashi ɗaya cikin uku, aka danƙa mata, ta sa hannu, baffan ya sa. Kashi biyun ɗana suna nan, yana koleji tukuna. Baffansa ya ce in ya gama sai ya zo ya ga iyakar gonar da idonsa, a nuna masa inda ta fara da inda ta tsaya, kuma Malam ya ce shi zai raka shi.